Takarda Ɗaya, Turanci Biyu: Yadda Ake Gane Gaurayen Rubutun Birtaniya Da Na Amurka

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirin yau na duk wanda yake rubuta takarda da Turanci ne, ko yake duba wadda wani ya rubuta: ɗalibin da ke haɗa kundin kammala karatu, sakataren da ke buga rahoton ofis, malamin da ke duba aikin ɗalibai, da mai neman aiki da ke shirya takardunsa. Idan akwai biro da takarda kusa, a jawo su, domin za mu riƙa jero haruffan wasu kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar da za mu duba ita ce a sami takarda ɗaya, a shafi na biyu an rubuta *colour*, wato c-o-l-o-u-r, a shafi na tara kuma an rubuta *color*, babu harafin u. Kowanne daidai ne a gidansu. Na farko rubutun Birtaniya ne, na biyu na Amurka. Laifin yana wajen haɗa su a takarda ɗaya, kamar telan da ya fara ɗinkin riga da farin zare ya ƙarasa da baƙi. Rigar za ta sawu, amma duk mai ido zai ga inda aka canza zaren. Edita, ko mai duba kundi daga wata jami'a, ko jami'in da ke tantance takardun neman tallafi, da zarar ya ga haka zai san ba a bi takardar da kyau ba, kuma sau da yawa zai iya nuna daidai inda aka ɗebo wani sashe daga wani wuri aka liƙa.

Daga ina bambancin ya samo asali? Shekaru ɗari uku da suka wuce, su kansu Turawan Ingila ba su da tsayayyar ƙa'ida, ana rubuta kalma ɗaya ta hanya biyu ko uku. A shekarar 1755 Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a Landan, wanda ya taimaka wajen tsayar da irin rubutun da Birtaniya ke bi. A can Amurka kuma aka sami wani malamin makaranta ɗan jihar Connecticut mai suna Noah Webster, wanda yake ganin ƙasar da ta sami 'yancin kanta ya kamata ta sami nata tsarin rubutu mai sauƙi. Ya fitar da littafin koyon haɗa baƙi a 1783, ƙaramin ƙamus a 1806, sannan babban ƙamusunsa a 1828. Yawancin siffofin da ya zaɓa ba shi ya ƙirƙiro su ba, da ma suna yawo a rubuce, shi dai ya fifita su ne har suka zauna. Wasu shawarwarinsa kuwa ko Amurkawan ba su karɓa ba, kamar rubuta kalmar harshe, *tongue*, da haruffa huɗu, t-u-n-g.

Mu a Najeriya da Ghana tsarin Birtaniya muka gada, shi ake koyarwa a makaranta, shi ne kuma a takardun gwamnati. Amma yawancin wayoyi da kwamfutocin da ke hannunmu da Turancin Amurka suke zuwa a saite, kuma kaso mai yawa na abin da muke karantawa a intanet daga can yake. Hannu ya koyi ɗaya a aji, ido ya saba da ɗayan a waya. Shi ya sa gaurayen ke shigowa ba tare da marubuci ya ankara ba.

Abin farin ciki shi ne bambancin ba a warwatse yake ba. Dangi-dangi ne, kuma wanda ya san dangi biyar ya riƙe mafi yawan aikin.

Dangi na farko shi ne kalmomin da Birtaniya ke ƙarewa da o-u-r, Amurka kuma o-r. Su ne irin *colour*, *labour*, *behaviour*, *favour*, *neighbour* da *honour*. Amma a kula, ko a Birtaniya harafin u yakan faɗi idan an ƙara wasu ɗafa-ƙeya. Ana rubuta *honour* da u, amma *honorary* babu u. Ana rubuta *humour* da u, amma *humorous* u ɗin tsakiya ya faɗi. Saboda haka wanda ya ga *honorary degree* a takardar Birtaniya kada ya ce ya kama Ba'amurkiya.

Dangi na biyu shi ne r-e da e-r. Birtaniya na rubuta *centre*, *litre*, *fibre*, *theatre* da r kafin e, Amurka kuma ta juya su, e kafin r. A nan ma akwai abin lura. A Birtaniya mitar awon tsawo *metre* ce, r-e, amma mitar wutar lantarki da ke manne a bangon gida *meter* ce, e-r. Haka ma *thermometer* da *diameter*, ko'ina e-r ne.

Dangi na uku shi ne harafin l, ko a ninka shi ko a bar shi ɗaya. Birtaniya na ninkawa a *travelled*, *cancelled*, *labelled* da *counsellor*, Amurka na barin l ɗaya. Sai dai akwai 'yan kalmomin da abin ya juye. Birtaniya na rubuta *fulfil*, *enrol*, *enrolment* da *instalment* da l ɗaya a wurin da Amurka ke sa biyu. Wannan juyin yana kayar da mutane sosai, domin sun haddace cewa Birtaniya ce mai ninki, sai su ninka ko'ina.

Dangi na huɗu shi ne c-e da s-e. *Defence* da *offence* da c na Birtaniya ne, da s kuma na Amurka. Cikin wannan dangin akwai kalmomi biyu da Birtaniya ke raba suna da aikatau. Lasisin da ke aljihunka *licence* ne da c, amma ba da lasisin *license* ne da s. Haka *practice* da c suna ne, *practise* da s aikatau. Amurka ba ta yin wannan rabon: *license* da s a duka biyun, *practice* da c a duka biyun.

Dangi na biyar na ma'aikatan lafiya ne musamman, inda Birtaniya ke riƙe da wasula biyu, a-e ko o-e, Amurka kuma ta bar e kaɗai. Ƙarancin jini *anaemia* ne a Birtaniya, a-n-a-e, a Amurka kuwa a-n-e. Haka kalmar gudawa, *diarrhoea*, da ta likitancin yara, *paediatrics*.

Bayan waɗannan akwai 'yan ɗaiɗaiku da sai dai a haddace: *programme* da *program*, *cheque* da *check* na banki, *tyre* da *tire* na mota, *grey* da *gray*.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne kan yadda ake gane an gauraya rubutun Turancin Birtaniya da na Amurka a takarda ɗaya. Yanzu mun zo wurin da ya fi ko'ina ruɗarwa, kuma in da abu ɗaya za a riƙe daga shirin yau, to wannan ne.

Da yawa daga cikinmu an koya mana cewa *organise* da s na Birtaniya ne, *organize* da z kuma na Amurka. Rabin maganar ce kawai gaskiya. Gaskiya ne Amurka da z kaɗai take rubutawa. Amma a Birtaniya duka biyun sun halatta. Jaridun ƙasar sun fi amfani da s, ita kuwa madaba'ar Jami'ar Oxford da babban ƙamusunta z suke fifitawa tun da daɗewa, bisa hujjar cewa wannan ɗafa-ƙeyar daga harshen Girkanci ta fito kuma da z take a can. Wannan tsarin na Oxford shi Majalisar Ɗinkin Duniya ke bi a takardunta. Ku dubi sunan hukumar ƙwadago ta duniya, *International Labour Organization*. Ga *Labour* da u irin na Birtaniya, ga *Organization* da z, a suna ɗaya, kuma babu kuskure ko ɗaya.

Ashe ke nan tsari uku ne masu zaman kansu, ba biyu ba. Akwai Birtaniya mai s, akwai Birtaniya mai z irin ta Oxford, akwai kuma Amurka. Abin da wannan ke nufi ga mai duba takarda shi ne, ganin *organise* da s hujja ce cewa rubutun ba na Amurka ba ne, amma ganin *organize* da z ba hujjar komai ba ne shi kaɗai. Takardar da ke da *colour* da *organize* lafiyarta ƙalau. Wadda ke da *color* da *organise* ta gauraya. Wadda kuma ke da *organise* a nan, *recognize* a can, ita ma ta gauraya, ko da duka biyun Birtaniya ta yarda da su, domin ba ta tsaya kan ɗaya ba.

To wace kalma ce ke raba gardama tsakanin Oxford da Amurka? Ita ce *analyse*. A Birtaniya, har da Oxford, y-s-e ake rubutawa, haka ma *paralyse*. Amurka ce ke rubuta y-z-e. Don haka idan ka ga *analyze* da z cikin takardar da ke cike da *centre* da *labour*, to baƙuwa ce. Wuri ɗaya da wannan haɗin yake daidai shi ne Kanada, wadda ke da nata tsarin: tana rubuta *colour* da *centre* kamar Birtaniya, amma *analyze* da *tire* kamar Amurka. Wanda zai aika takarda wata jami'a a Kanada sai ya san da haka.

Sannan akwai kalmomin da ba su shiga wannan rigimar ba sam. *Advertise*, *advise*, *surprise*, *exercise*, *supervise* da *revise* da s ake rubuta su a duk duniya, har a Amurka. *Size*, *prize* da *seize* kuma da z suke ko'ina. Wanda ya ɗauki aniyar mayar da duk s zuwa z zai ɓata irin su *advertise* ɗin nan.

Yanzu bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wata ƙungiyar sa-kai ta shirya rahoto mai shafi 30 kan lafiyar yara, za ta miƙa wa ma'aikatar lafiya ta jiha. Mutum uku suka rubuta. Shugabar shirin ta rubuta gabatarwa da kammalawa, wani matashi ya rubuta babi na biyu mai bitar binciken da aka yi a baya, ma'aji kuma ya rubuta sashen kuɗi. An haɗa, an kawo maka ka duba kafin a buga.

Matakin farko ba gyara ba ne, tambaya ce: wa za a kai wa takardar? Tunda ma'aikatar gwamnati ce a Najeriya, tsarin Birtaniya za a bi. Da mujallar kimiyya ce ta Amurka, da an bi nata. Da jami'a ce, sai a duba littafin ƙa'idar rubuta kundi na makarantar. Saura tambaya ɗaya: s ko z? Wannan takardar ce da kanta za ta faɗa maka.

Mataki na biyu shi ne ƙirga. Ka buɗe takardar a manhajar `Word`, ka danna `Ctrl` da `F` tare. Wani ɗan akwati zai buɗe a gefe, duk abin da ka rubuta a ciki zai gaya maka sau nawa ya fito, ya kuma haska wuraren. Ka rubuta *centre*, mu ce ya fito sau 14. Ka rubuta *center*, ya fito sau 5. Ka rubuta *isation*, wato wutsiyar kalma kawai, i-s-a-t-i-o-n, ya fito sau 22. Ka rubuta *ization* da z, ya fito sau 9. To ka ga gidan takardar: Birtaniya ce mai s. Masu rinjaye su ne 'yan gida, 'yan tsirarun su ne za a bincika.

Mataki na uku, ka bi 'yan tsirarun ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi musu kuɗin goro. Cikin *center* guda biyar ɗin nan, huɗu suna babi na biyu, a cikin jumlolin marubucin, waɗannan za a gyara. Na biyar kuwa yana cikin sunan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, *Centers for Disease Control and Prevention*. Wannan ba a taɓa shi, domin suna ne, kuma haka masu shi suke rubuta abinsu. Tamu ta Najeriya kuma *Centre* take da r-e. Sunayen biyu za su iya zama a layi ɗaya, kowanne da rubutunsa. Haka cikin *ization* guda tara, shida sunan hukumar lafiya ta duniya ne, *World Health Organization*, wanda da z yake ko a wace irin takarda. Ukun da suka rage, irin su *immunization* a tsakiyar jumla, su ne za a mayar s domin su dace da sauran 22.

Ka lura da wani abu? Kusan duk baƙin a babi na biyu suka taru. Wannan alama ce babba. Gauraye ba kasafai yake bazuwa daidai-wa-daida a takarda ba, yakan taru ne a inda hannu ya canza ko inda aka kwafo. Da ka gano wurin, sai ka rage gudu, ka karanta babin da ido layi-layi. A nan ne za ka tarar da *anemia* babu a na biyu, da *pediatric*, da *behavior*, da *analyzed*. Idan kuma ka ga sakin layi guda cur da rubutun Amurka tsantsa alhali na gabansa da na bayansa na Birtaniya ne, to ka kira marubucin ka tambaye shi cikin mutunci daga ina wannan sakin layin ya fito. Wataƙila dai kwamfutarsa ce ke saite da Turancin Amurka. Wataƙila kuma ya kwafo ne bai faɗi majiyarsa ba, wanda ya fi matsalar haruffa girma nesa ba kusa ba. Gauraye ba ya tabbatar da satar fasaha, amma yana nuna inda ya kamata a duba.

Sai sashen kuɗi. Ma'aji ya rubuta cewa an biya kuɗi da *check*, c-h-e-c-k, an sayi *tires* na motar ƙungiya da harafin i, an kuma sabunta *driving license* da s. Duka ukun rubutun Amurka ne. A tsarin da muka zaɓa *cheque* ne mai q-u-e, *tyres* mai y, da *licence* mai c. Shugabar kuma ta rubuta *programme* ko'ina, amma a wuri ɗaya akwai *program* inda ake maganar manhajar kwamfutar da aka tattara alƙaluma da ita. Wannan a bar shi, domin ko a Birtaniya manhajar kwamfuta *program* ce, babu m-e a ƙarshe.

(Gajeren kiɗa)

Wani zai ce, Malam, ai duk wannan wahalar ba ta taso ba, kwamfuta tana ja wa kuskure jan layi. Gaskiya ne tana ja, amma akwai dalilai huɗu da suka sa ba a sakin jiki da ita.

Na farko, `Word` ba ya ɗaukar takarda duka a matsayin harshe ɗaya. Kowane yanki na rubutu yana ɗauke da tasa alamar harshe a ɓoye. Idan matashin nan ya rubuta babinsa a kwamfutar da ke kan Turancin Amurka, aka kwafo aka liƙa, babin yakan taho da alamarsa. Sai manhajar ta duba babi na ɗaya da ƙamusun Birtaniya, ta duba na biyu da na Amurka, ko'ina fes, babu jan layi. Za ka iya gane haka idan ka ɗora alamar rubutu a kan wata kalma ka dubi ƙasan allo, inda sunan harshen yakan bayyana. Maganinsa shi ne ka danna `Ctrl` da `A` domin zaɓar rubutun duka, ka shiga `Review`, sai `Language`, sai `Set Proofing Language`, ka zaɓi `English (United Kingdom)`. A wannan akwatin ka tabbatar ba a sa alama a kan `Do not check spelling or grammar` ba, ka kuma cire alamar da ke kan `Detect language automatically`. Nan take za ka ga jajayen layuka sun fito a wuraren da a da babu komai.

Na biyu, wannan zaɓar duka ɗin ba ta haɗawa da bayanan ƙasan shafi, da rubutun saman shafi, da wanda ke cikin akwatunan rubutu. Su sai ka shiga kowanne ka maimaita. Rubutun da ke cikin hoto ko taswirar da aka liƙo kuwa, babu mai ganinsa sai idonka. Kuma bisa saitin da manhajar ke zuwa da shi, tana tsallake kalmomin da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla. Ka ga ke nan take da kanun babi, waɗanda su mai karatu ke fara gani, idan da manyan baƙaƙe aka rubuta su, su ne ba a duba ba.

Na uku, ƙamusun Birtaniya na manhajar ya yarda da s ya kuma yarda da z. *Organise* da *organize* za su zauna kafaɗa da kafaɗa ba tare da ya ce uffan ba. Wannan sai ƙirgar da muka yi ɗazu.

Na huɗu, kalmomin ma'ajin nan duka halattattu ne a Birtaniya, da wata ma'ana dabam. *Check* na nufin dubawa, *tire* na nufin gajiya, *license* kuma aikatau ne. Mai duba haruffa yana ganin kalmar tana cikin ƙamus, sai ya wuce. Ma'ana ce ke nuna kuskuren, ma'ana kuwa aikin mai karatu ne.

Sai gargaɗi kan wani maɓalli mai suna `Replace All`, wanda ke musanya kalma a duk inda ta fito a bugu ɗaya. Yana da saurin aiki, yana kuma da saurin ɓarna. Ka ce masa ya mayar da *labor* zuwa *labour*, zai shiga cikin *laboratory* da *collaborate* ya cusa musu u, domin haruffan l-a-b-o-r suna cikinsu. Ka ce ya mayar da *meter* zuwa *metre*, zai lalata *parameter* da *diameter*. Ka ce ya mayar da *program* zuwa *programme*, duk inda da ma an rubuta *programme* daidai zai ƙara masa wani m-e a wutsiya. Akwai zaɓin `Find whole words only` da ke rage wannan ɓarnar, amma shi ma bai san suna ba, bai san maganar wani da aka ɗauko ba. Hanya mafi aminci ita ce a bi su ɗaya-ɗaya, ana gani ana amincewa. A takarda mai shafi 30 wannan ba aikin wuni ba ne.

Mun ambaci sunayen hukumomi. Akwai sauran abubuwa uku da su ma ba a taɓawa. Na ɗaya, maganar wani da aka ɗauko kalma da kalma aka sa tsakanin alamun zance. Idan Ba'amurke ne ya rubuta *behavior* babu u, haka za ka kawo ta. Na biyu, sunayen littattafai da maƙalu da mujallu a jerin manazarta, kowanne yadda aka buga shi. Ɗalibai da yawa sukan gyara waɗannan da kyakkyawar niyya, alhali canza su ne kuskuren. Na uku, umarnin kwamfuta. Mai gina shafin intanet dole ya rubuta `color` da `center` irin na Amurka a cikin umarninsa, ko da a Landan yake zaune, in ba haka ba umarnin ba zai yi aiki ba.

Wanda kuma aka miƙo masa takarda a buge, babu kwamfuta, shi ma yana da dabara. Ya ɗauki farar takarda ya raba ta gida biyu da layi. Duk lokacin da ya ci karo da kalma daga dangogin nan, ya rubuta ta a ɓangaren da ta dace tare da lambar shafi. Kada ya haɗa wannan karatun da karatun neman ma'ana, domin idan hankali ya tafi kan abin da ake faɗa, ido yakan tsallake haruffa. Karatu ɗaya na ma'ana, wani dabam na haruffa. Kafin ya kai shafi na goma zai ga ɓangaren da ya rinjaya, lambobin shafin kuma za su nuna masa inda baƙin suka taru.

Riga-kafi kuwa ya fi magani. Idan mutum biyu ko uku za su rubuta takarda ɗaya, su zauna tun kafin a fara su amince kan abu uku: Birtaniya ko Amurka, s ko z, da jerin kalmomi goma ko goma sha biyar da za su yawaita a aikin, kowacce da yadda za a rubuta ta. Shafi ɗaya ya isa. Kowa ya saita harshen manhajarsa iri ɗaya. Idan za a liƙo rubutu daga wani wuri, a yi amfani da zaɓin `Keep Text Only` domin ya shigo ba tare da kayan adonsa ba, sannan a bi haruffansa da ido, domin wannan zaɓin ba ya gyara rubutun kalma.

Ga aikin gida. A ɗauko takarda ɗaya da aka riga aka rubuta, ko takardar neman aiki ce ko babin kundi, a nemi waɗannan kalmomi shida ta fuskokinsu biyu: *centre*, *labour*, *programme*, *analyse*, *fulfil* da *organisation*. A ƙirga, a ware sunaye da maganganun wasu, a daidaita saura. Wanda ya tarar da wata kalma da ta shige masa duhu, ya aiko mana da ita ta hanyoyin da aka saba, za mu duba ta a shiri na gaba.

A nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)